Auna nisan tafiya da taku: tambayoyi da amsoshi ga mai tafiya a ƙasa a Jos da kewayenta

Duk wanda ya taɓa shiga bayan duwatsun Shere, ko gonakin dankali da ke can ciki bayan Bukuru, ya san cewa sabis yakan ɗauke, cajin waya kuma yakan ƙare tun ba a kai inda za a ba. Idan ka tambayi mutanen hanya nisan wuri, amsar da za ka samu ita ce "nan kusa ne, bayan tudun can", alhali tudun yana iya cin awa guda. Ƙirga taku hanya ce ta sanin nisan da ka yi ba tare da wata na'ura ba, amma tana aiki ne kawai ga wanda ya auna takunsa tun kafin ranar buƙata. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Me ake ƙirgawa, kowane taku ko kuwa yaya?

Ƙafa ɗaya kawai ake bi. Ka fara tafiya da ƙafar dama, sannan duk lokacin da ta hagu ta taɓa ƙasa ka ce ɗaya, ta sake taɓawa ka ce biyu, haka har ƙarshe. Ke nan kowane ƙirge guda yana ɗauke da taku biyu.

Dalilin haka biyu ne. Na farko, lissafin ya ragu da rabi, baki da kai ba sa gajiya da wuri. Na biyu, mutane da yawa takun ƙafarsu ta dama da na hagu ba daidai suke ba, musamman mai tsohon targaɗe ko mai rataye da jaka a kafaɗa ɗaya. In ka haɗa su biyun a ƙirge ɗaya, bambancin ya shige ciki. A duk bayanin da zai biyo baya, in na ce "ƙirge", saukar ƙafar hagu nake nufi.

Nawa ne tsawon takun mutum?

Babban mutum mai tafiyar yau da kullum a shimfiɗaɗɗen wuri yakan yi taku mai tsawon santimita 65 zuwa 80. Wato a mita 100 yawancin manya sukan samu ƙirge tsakanin 62 da 77. Akwai kuma wani ƙiyasi da ake yi da tsayin mutum: a ninka tsayinsa da 0.41. Mai tsayin santimita 170 zai samu taku na kusan santimita 70, ƙirgensa a mita 100 zai kama 71.

Amma ban ba kowa shawarar ya tsaya a wannan ƙiyasin ba. Mutum biyu masu tsayi ɗaya, ɗaya ya saba da takawa daga Unguwar Rogo zuwa Taminus kullum, ɗayan kuma daga gida sai mota, ba za su yi taku iri ɗaya ba. Taku kamar mudu yake, kowace kasuwa da nata, kuma wanda ya auna hatsinsa da mudun wata kasuwa shi zai yi asara. Lambar da za ta amfane ka ita ce wadda ka auna da ƙafarka.

To ta yaya zan samo lambar tawa?

Nan ne aikin yake, kuma bai fi na yammaci ɗaya ba.

Ka fara da samun tazarar da ka tabbatar da tsawonta. Mafi sauƙi shi ne ka ari tef ɗin awo na magina, irin mai mita 30 ko 50, ka auna mita 100 a kan miƙaƙƙiyar hanya, ka ajiye dutse a farko da ƙarshe. In babu tef ɗin magina, na tela ma ya isa: ka auna igiya mai mita 10 da shi, ka ɗaura ƙulli a bakinta biyu, ka shimfiɗa ta sau goma. Sai dai kada igiyar ta zama mai miƙewa in an ja ta. Idan kana da damar shiga filin wasa mai layin tsere, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, sai ka raba abin da ka samu gida huɗu. Filin ƙwallo na ƙa'ida yawanci mita 105 ne a tsawo, amma filayen unguwa da na makarantu kowanne da nasa girman, don haka kada ka dogara da su sai ka auna.

Da ka samu mita ɗarinka, kada ka tsaya a kan layi ka tashi daga tsaye. Ka koma baya kamar taku goma, ka taho da tafiyarka, ka fara ƙirge daidai lokacin da ka wuce dutsen farko. Ka je ka dawo, ka sake zuwa ka dawo, ka rubuta abin da ka samu kowane karo. A ce ka samu 63, 65, 64 da 64. Ka haɗa su, 256 ke nan, ka raba huɗu, lambarka 64. Wannan yana nufin ƙirgenka ɗaya mita 1.56 ne, takunka guda kuma santimita 78.

Babban abin da ke ɓata wannan awo shi ne mutum ya san ana auna shi. Sai ka ga ya miƙe ƙirji yana buɗa ƙafa kamar ɗan fareti, ya samu 58, ya tafi yana murna. Ranar da ya fita tafiya ta gaske, da gajiya da yunwa, ƙirgensa zai koma 66 bai sani ba. Ka yi tafiyar da kake yi in za ka kasuwa ba ka sauri, da takalmin da kake fita da shi. In sakamakon huɗun sun bambanta da fiye da uku, alama ce ba ka saki jiki ba, sai ka sake.

Lamba ɗaya ta isa ko'ina?

Ba ta isa ba, balle a Filato. Garin Jos kansa yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuma ta haura mita 1,800, kuma da wuya ka yi kilomita biyu a wajen gari ba ka hau ko ka gangara ba. A hawa taku yana gajarta, ƙirge ya ƙaru. A gangare mai sauƙi yakan ɗan tsawaita, amma in gangaren ya yi tsanani ko akwai tsakuwa mai zamewa, sai ya sake gajarta saboda kana taka-tsantsan. Yashi, taɓo, doguwar ciyawa, kunyoyin gona, duk suna rage taku. Haka duhu, da hazon da ke rufe tsaunuka a tsakiyar damina.

Shawarata ita ce ka riƙe lamba uku: ta kwalta ko shimfiɗaɗɗen wuri, ta hanyar gona mai gargada, da ta hawa. Kowace ka auna ta da igiyar nan a irin ƙasarta. Mai 64 a kwalta zai iya samun wajen 72 a hanyar gona, 80 ko fiye a hawan dutse. Naka na iya bambanta, shi ya sa ake aunawa. Ka rubuta su a takarda ka sa a aljihu har su zauna maka a ka.

Mata da yara fa?

Hanyar ɗaya ce, lambar ce take bambanta. Zani ko doguwar riga mai matsattsen baki suna ƙayyade iya inda ƙafa za ta kai, goyo da kaya a ka su ma suna rage taku. Macen da za ta auna nata ta auna cikin irin shigar da take fita da ita, in da goyo take tafiya ta auna da goyon. Yaro kuma lambarsa tana sauyawa yana girma, sai a riƙa sabunta ta duk shekara.

Yaya zan yi kada lissafi ya ɓace mini?

Kada ka yi ƙoƙarin ƙirgawa har dubu a kai, zai zube. Ka ƙirga zuwa lambarka kawai, misali 64, ka ajiye alama cewa mita 100 ta cika, ka koma ɗaya.

Alamar da ta fi sauƙi ita ce tsakuwa. Ka zuba guda goma a aljihun dama. Duk mita 100 ka mayar da ɗaya aljihun hagu. In dama ya ƙare, kilomita ɗaya ke nan, sai ka ɗaura ƙulli a igiya ko ka sa wani babban dutse a aljihun gaba, ka mayar da tsakuwan dama. Sojoji da masu hawan tsauni suna amfani da igiya mai duwatsun wuya kashi biyu, tara a ƙasa, huɗu a sama. Kowace mita 100 a ja ɗaya daga cikin taran. In sun ƙare aka cika ta goma, a ja ɗaya daga na sama, a mayar da taran wurinsu. Da wannan ana kai kilomita biyar kafin a sake farawa. Kowa zai iya haɗa irinta da igiyar takalmi da 'ya'yan tsohuwar sarƙa, matuƙar sun kama igiyar sosai ba sa zamewa da kansu.

Abin da ya fi cinye lissafi a wurinmu kuwa gaisuwa ce. Kana kan 41 sai ga dattijo ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa, ba kuwa yadda za a yi ka wuce shi. Ka tsaya cak tukuna, ka rubuta 41 a ƙasa da tsinke ko da bakin takalmi, sannan ka rusuna: "Baba, barka da aiki, ina gajiya?" Ku gaisa har ya gama tambayar mutanen gida. In ya wuce, lambarka tana nan a ƙasa, ƙafarka tana inda ka tsaya.

Idan kuma lissafin ya riga ya ɓace a tsakiyar ɗari, kada ka koma baya. Ka ɗauka kana rabi, wato 32 ga mai 64, ka ci gaba. Kuskuren ba zai wuce mita 50 ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne manta mayar da tsakuwa, domin kowace ɗaya mita 100 ce cur.

Za a iya kawo misali daga farko har ƙarshe?

A ɗauki matashin da kawunsa ya aika ya gano nisan da ke tsakanin inda mota ke sauke taki a bakin titi da gonarsu ta dankali a gindin dutse, don a san yadda za a yi ciniki da masu dako. Lambobinsa su ne 64 a shimfiɗe, 72 a hanyar gona, 80 a hawa. Tun da lissafi mai kyau ake so, sai ya ɗauki takarda, yana mayar da tsakuwa duk ƙirge ɗari, yana rubuta jimla a duk inda ƙasa ta sauya.

Daga bakin titi zuwa inda burji ya ƙare ya samu 512. Daga nan hanya ta shiga tsakanin shingayen ƙerana, ga ramukan da ruwa ya ci, har zuwa bakin rafi, ya samu 390. Daga rafin zuwa gona hawa ne, ya samu 210.

Ƙa'idar ita ce: a raba ƙirge da lambar wannan ƙasar, a ninka da 100.

Kashin farko, 512 a raba da 64 ya ba da 8, wato mita 800. Na biyu, 390 a raba da 72 ya ba da 5.4 da 'yan kai, wato wajen mita 540. Na uku, 210 a raba da 80 ya ba da 2.6 da 'yan kai, wajen mita 260. Jimla mita 1,600.

Yanzu a duba abin da zai faru da ya yi amfani da 64 a ko'ina. Jimlar ƙirgensa 1,112 ne, in aka raba da 64 za a samu kusan mita 1,740. Ya ƙara wa hanyar fiye da mita 130 da babu su. A ciniki da masu dako wannan ba zai kashe kowa ba, amma a ce bututun ban ruwa za a saya, ko kuma mahaɗar hanya ake nema cikin hazo, to mita 130 ba ƙaramin abu ba ne.

Da ya koma gida abin da ya dace ya faɗa shi ne: "Kawu, tsakanin kilomita ɗaya da rabi ne zuwa ɗaya da mita 700, kuma mita 260 na ƙarshe hawa ne." Wannan ya fi gaskiya a kan ya ce mita 1,605 kamar wanda ya ja tef.

Kuskuren wannan hanya yana kai nawa?

Wanda ya auna lambarsa da kyau, a shimfiɗaɗɗiyar hanya da rana, yana iya sa ran kuskuren mita uku zuwa biyar a kowace ɗari. A duwatsu ko da dare ka ba da sarari na ɗaya cikin goma, wani lokaci fiye. Abin lura shi ne kuskuren ya fi karkata gefe ɗaya: gajiya, kaya, duhu, zagaye duwatsu, duk suna ƙara yawan ƙirge, don haka mai ƙirge yakan zaci ya yi nisa fiye da yadda ya yi. In kana shakka, ka ɗauka wurin yana ɗan gaba. Mai azumi da ke tafiya bayan la'asar ya sa wannan a ransa sosai.

Hanya mafi sauƙi ta rage kuskure ita ce mutum biyu su ƙirga, kowa da lambarsa, ba tare da sun faɗa wa juna ba sai an tsaya. In sun yi kusa, a ɗauki tsakiya. In sun bambanta da kusan mita 100 daidai, to wani ya manta tsakuwa.

Agogo zai iya taimakawa?

Sosai, shi ne shaida na biyu. Wani mai hawan tsauni ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya fitar da ƙa'ida a 1892 da har yau ake amfani da ita: awa ɗaya ga kowace kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600. A taƙaice, minti 12 a kilomita, da ƙarin minti ɗaya ga kowace mita 10 da ka ɗaga sama. A misalin matashin nan, mita 1,600 za ta ci minti 19, in hawan ya ɗaga shi mita 40 a ƙara huɗu, 23 ke nan. Idan agogonsa ya nuna minti 25 ko 28, lissafin ya zauna. Idan ya nuna minti 45 alhali bai tsaya ko'ina ba, akwai tsakuwan da ba a mayar ba. Ƙa'idar an yi ta ne don lafiyayyen mutum marar kaya mai nauyi, kuma ba ta haɗa da hutu ba, don haka ka cire lokacin salla da na gaisuwa.

A kan tudu, nisan da na ƙirga shi ne na taswira?

A'a. Taswira tana nuna nisa a kwance, ƙafarka kuma tana bin jikin tudun. A hawa mai sauƙi bambancin bai kai a damu ba: a karkata ta digiri 10, mita 100 da ka taka ta zama 98 da rabi a kwance. A digiri 20 ta zama 94, a digiri 30 kuma 87. In bututu ko waya za ka shimfiɗa a ƙasa, nisan da ƙafa ta taka shi kake buƙata. In kuwa daga baya za ka gwada da taswira, sai ka rage.

In na ci karo da kududdufi ko babban dutse fa?

A kewayen Jos da Bukuru wannan dole ne, saboda tsofaffin kududdufan haƙar kuza suna ko'ina. Ka tsaya nesa da baki, ka rubuta inda lissafinka ya tsaya. Ka juya dama sosai, kamar kusurwar ɗaki, ka ƙirga har ka wuce faɗin ruwan, a ce 30. Wannan talatin ɗin kada ka haɗa shi da babban lissafi, ajiye shi daban. Ka juya hagu ka fuskanci inda ka nufa tun farko, ka ci gaba da babban lissafi har ka wuce ruwan. Sannan ka sake juyawa hagu ka taka 30 ɗin nan, ka dawo kan layinka, ka juya dama ka ci gaba.

Wannan don mai son sanin nisa a miƙe ne. Mai son sanin iya abin da ƙafarsa ta taka ya haɗa duka.

Kuma ina roƙo, kada son lissafi ya sa kowa ya bi gefen waɗannan ruwaye. Da yawansu suna da zurfi tun daga baki, gaɓarsu tana zaftarewa da damina, a wasu wuraren kuma akwai ƙananan ramukan haƙa masu zurfi da ciyawa ta rufe. Mai ƙirge hankalinsa yana rabuwa biyu. Inda ƙasa ba ta da tabbas a bar ƙirge, a kalli gaba, daga baya a ƙiyasta da ido.

Ƙirga taku zai hana ni ɓata?

Shi kaɗai ba zai hana ba, domin nisa yake faɗa maka, ba ya faɗar alƙibla. Mutum zai iya ƙirga kilomita biyu daidai yana tafiya inda ba nan ba ne. Ka haɗa shi da rana, da wani dutse ko eriya da kake hangowa, kuma a kowace mahaɗa ka rubuta abin da ka gani: "mita 800, mangwaro, na bi hagu". Ka kuma waiwaya ka ga yadda wurin yake ta baya, don haka za ka gan shi a dawowa.

Inda ya fi amfani shi ne sanin lokacin tsayawa. In ka san mahaɗar tana mita 600, ka kai 700 ba ka gan ta ba, kada ka ce bari in ƙara kaɗan. Ka tsaya, ka koma alama ta ƙarshe da ka tabbatar da ita, ka sake dubawa. A dawowa kuma ka tuna hawan ɗazu ya zama gangare, ƙirgen ba zai zo daidai da na zuwa ba.

Taku dubu goma da ake yawan faɗa a yi kullum don lafiya kilomita nawa ne?

Wannan taku ɗai-ɗai ake nufi, wato ƙirge 5,000. Ga mai santimita 78 ya kama kilomita 7.8, ga mai santimita 65 kuma kilomita shida da rabi.

Daga ina wannan dabara ta samo asali?

Tsohuwa ce ƙwarai. Mil na Rumawan da taku biyu-biyu ne har dubu, irin ƙirgen da muka bayyana, kuma ya kai kusan mita 1,480. Wato ƙirgensu ɗaya mita 1.48, wanda ya yi daidai da mai lamba 67 ko 68 a mita 100. Mil na Ingilishi da aka san shi a nan ya fi shi tsawo, mita 1,609.

Akwai abin da zan kiyaye game da mutanen wurin?

Akwai. Baƙon da aka gani yana takawa a gefen gona yana motsa baki yana rubutu a takarda, abin da zai fara zuwa wa mai gonar shi ne ana auna masa fili, kuma maganar ƙasa a Filato ba abin wasa ba ce. Ka bi hanyar da jama'a ke bi, kada ka ratsa shuka ko ka tsallake shinge don layinka ya miƙe. In aikin zai kai ka cikin ƙauyen da ba a san ka ba, ka fara zuwa wurin mai unguwa ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, in ya haɗa ka da wani yaro ya raka ka ya fi. Idan wani ya tare ka da tambaya, ka nuna masa takardar ka ce masa nisan hanya kake ƙirgawa daga titi zuwa wuri kaza, ka faɗi sunan wanda za ka wurinsa.